Yaro Ya Iya Haɗa Baƙi, Sai Me Zai Karanta?

A ganina babban giɓin da ke cikin karatun Hausa a Gombe da Bauchi ba a matakin farko yake ba. Littattafan koyon baƙi da wasali muna da su, ko da ba su wadatar ba. Tun zamanin yaƙi da jahilci ake buga su, kuma ko a shekarun baya-bayan nan an raba jerin littattafan Mu Karanta a makarantun firamaren Bauchi da Sakkwato domin 'yan aji ɗaya zuwa uku. Manyan littattafan adabi ma muna da su. Abin da ba mu da shi shi ne abin da ke tsakani: ɗan gajeren labari mai daɗi, cikin kalmomi masu sauƙi, wanda mai matsakaicin karatu zai gama a zama ɗaya, da ɗan jerin ma'anar kalmomi a shafin ƙarshe. Na kuma lura cewa 'yan kaɗan ɗin da ake ƙoƙarin rubutawa, yawanci a wajen wannan jerin na ƙarshe suke lalacewa, domin marubuci yana mai da shi hujjar ƙin sauƙaƙa labarin.

Ni malamin Hausa ne a ƙaramar sakandare, da yamma kuma nakan taimaka a ajin manya. Ya kamata in fara faɗin wane ne wannan mai karatu, don in ba a san shi ba duk maganar za ta tashi a banza. A ajina akwai ɗan Tangale daga Billiri, akwai 'yar Waja daga wajen Talasse, akwai Tera daga Deba, ga Fulani, ga Bolawa. A Bauchi haka abin yake da Sayawa da Jarawa da Warjawa. Duk suna jin Hausa. Da ita suke ciniki, da ita suke faɗa a filin ƙwallo, wasunsu da ita suke waƙa a coci. Amma Hausar kasuwa ce da ta titi, ba a taɓa yi musu tatsuniya da ita ba, ba su tashi suna jin kaka tana jefa karin magana ba. Kusa da su akwai Bahaushe ɗan gida wanda Hausar ke bakinsa amma idonsa bai saba da ita a takarda ba, yana karatu yana bin layi da yatsa. Sai kuma matar aure a ajin yamma wadda ta iya haɗa baƙi bara, bana tana neman abin karantawa. Waɗannan su ne matsakaita. Sun wuce "Bala ya ga akuya", amma ba su kai ga littafin da aka rubuta wa wanda ya ƙoshi da harshen ba.

Mu kuwa me muke yi musu? Daga littafin baƙi sai mu miƙa musu Shaihu Umar. Ina girmama littafin nan, ɗan ƙasarmu Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi yana malamin makaranta a Bauchi, ya shigar da shi gasar rubuta labaran Hausa da Bature Rupert East ya shirya a 1933. Sai dai ba a rubuta shi don yaron Kaltungo mai koyon Hausar takarda ba. Yaro zai buɗe shafi, ya ci tuntuɓe sau goma kafin ya kai ƙasa, ya rufe, ya yanke wa kansa hukuncin cewa karatu ba nasa ba ne. Daga nan sai a ce yaran yanzu ba sa son karatu. Wannan magana tana ɓata mini rai ƙwarai, domin na ga yadda yaran nan suke wawar takarda in ta zo daidai da ƙarfinsu.

Daidai da ƙarfinsu ɗin nan abu ne da ake iya ƙirgawa. Wani malami Bature, Michael West, da ke koyar da Turanci a Dhaka ta ƙasar Bengal a shekarun 1920, ya lura cewa littattafan da ake ba ɗalibansa sun cika sababbin kalmomi a cunkushe. Sai ya sake rubuta su, ya musanya kalmomin da ba a cika amfani da su ba da waɗanda aka saba ji, ya ba sababbin tazara, ya riƙa maimaita kowace bayan ya shigo da ita. Daga baya, a 1953, ya fitar da jerin kalmomin Turanci wajen 2,000 da suka fi yawo a rubutu, wanda masu rubuta irin waɗannan labarai suka daɗe suna dogara da shi. Masu bincike na baya sun auna abin. Batia Laufer ta nuna a 1989 cewa mai karatu yana bukatar ya san wajen kashi 95 cikin ɗari na kalmomin shafi kafin ya fahimce shi gwargwado. Paul Nation na New Zealand da abokiyar bincikensa Hu, a shekarar 2000, suka ce in ana son mutum ya karanta labari shi kaɗai ba mai taimakonsa, sai abin ya kai kashi 98. A Turanci aka yi waɗannan awon, amma hankalin da ke ciki bai bar Hausa a baya ba. Kashi 95 yana nufin baƙuwar kalma ɗaya cikin ashirin, wato kusan a kowane layi biyu. Kashi 98 kuwa ɗaya cikin hamsin ne, wato ɗaya a ɗan sakin layi.

To, sai mu yi lissafi. Labari mai kalmomi 600, wanda shi ne tsawon da na ga ya fi dacewa da ajina, bai kamata ya ɗauki baƙin kalmomi fiye da goma sha biyu ba. Ni ma nakan tsaya a takwas, saboda kowace zan maimaita ta, kuma kafin ta zauna a kan mai karatu kowane dawowarta ɗan nauyi ne. Duk wanda ya kawo mini labari mai shafi uku da jerin ma'anoni mai kalmomi arba'in, ba sai na karanta labarin ba, na san ba na matsakaita ba ne. Tsawon jerin shi ya tona asirinsa.

Bari in nuna da misali daga wani labari da na rubuta wa ajina, kan wani manomi da ya kawo masara Tudun Hatsi, kasuwar hatsi ta Gombe. Da Bahaushe zan rubuta wa, mai yiwuwa haka zan buɗe shi:

"Tun kafin alfijir ya keto Malam Buba ya yi sammako, ya ɗora ɗan abin da ya tsira da shi daga damina a kan akori-kura, ya nufi Tudun Hatsi, zuciyarsa cike da zullumin yadda dillalai za su yi masa sakiyar da ba ruwa."

Jimla ce mai kyau, kalmomi arba'in da biyu. Akori-kura ba za ta dami ɗalibaina ba, dillali ma yawancinsu sun san shi, don 'yan kasuwa ne. Inda za su tsaya shi ne alfijir, da keto, da sammako, da tsira, da zullumi, da sakiya. Shida cikin arba'in da biyu, ɗaya cikin bakwai ke nan. Marubucin da bai damu ba zai bar jimlar yadda take, ya kwashe shidan ya zuba a shafin ƙarshe, ya ce ai ya yi bayani. Ka yi tunanin yarinyar da za ta juya zuwa bayan littafi sau shida a jimlar farko. Kafin ta dawo daga ta shida ta manta wanda ya hau motar. Kuma "sakiyar da ba ruwa" ko an ba ta ma'anar sakiya ba ta tsira ba, domin ma'anar ba a cikin kalmar take ba, a cikin dunƙulen maganar take.

Akwai kuma kuskure na biyu, na wanda ya ji an ce a sauƙaƙa sai ya yanka labarin gunduwa-gunduwa: "Buba ya tashi. Buba ya hau mota. Buba ya je kasuwa. Buba yana tsoro." Wannan an koma aji ɗaya. Babu dalili, babu "domin", babu "amma", babu abin da zai sa ka so jin abin da ya biyo baya. Gajerun jimloli marasa mahaɗi ma sukan fi wuyar fahimta, don an bar wa mai karatu aikin gano alaƙar da ke tsakaninsu. Matar ajin yamma mai 'ya'ya biyar in ka ba ta wannan ka raina ta, kuma za ta gane ka raina ta.

Ga yadda na bar shi a ƙarshe:

"Buba ya tashi tun gari bai waye ba. Buhu uku kawai ya samu bana, domin ruwa ya ɗauke da wuri. Ya sa su a mota, ya zauna a kan ɗaya. Tun daga Kumo har Gombe bai yi magana da kowa ba, yana tunanin dillali. Bara dillali ya karɓi buhunsa biyar ya sayar. Da ya zo ba shi kuɗi, sai ya cire kuɗin dako, ya cire na shara, sannan ya cire nasa, wato la'ada. Abin da ya rage bai kai kuɗin taki ba. 'Bana ba wanda zai ci la'ada a kaina,' in ji Buba a ransa. 'Ni zan sayar da kayana da kaina.'"

Ya fi na farko tsawo ninki biyu da ɗoriya, kuma haka abin yake kullum: sauƙaƙawa tana cin wuri. Amma dubi abin da ya faru. Zullumi ya fita, duk da haka zullumin yana nan, a cikin mutumin da ya zauna a kan buhunsa bai ce wa kowa uffan ba tun daga Kumo. Sakiyar da ba ruwa ta fita, amma mai karatu ya ga ana cire wannan ana cire wancan har ba a bar kuɗin taki ba. Baƙuwar kalma ɗaya ce tak ta rage, la'ada, kuma da gangan na bar ta, don a kanta labarin yake juyawa. Na shigo da ita a wurin da jimlar kanta take fassara ta, "ya cire nasa, wato la'ada", na sake kawo ta bayan layi biyu a bakin Buba. Za ta dawo a kasuwa lokacin da wani dillali ya tare shi, ta dawo a ƙarshe lokacin da Buba ya yini bai sayar da ko buhu ɗaya ba, domin masu saye da yawa ba sa tsayawa sai wurin wanda suka sani. Wanda ya gamu da kalma sau huɗu a wurare huɗu daban ya kusa mallakarta. Wanda ya gan ta sau ɗaya a labari, sau ɗaya a jeri, zuwa mako mai zuwa ta gudu.

Wani ƙaramin abu a sakin layin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Hanyar da ta fi zuwa baki ita ce a ce "dillali ya sayar masa da buhu biyar". Bahaushe zai gane daga yanayin magana cewa a madadin Buba aka sayar. Mai koyo zai iya ɗauka Buba ne ya saya. Babu baƙuwar kalma ko ɗaya a wurin, amma labarin ya kife. Jerin ma'anoni ba ya maganin irin wannan, sai marubuci ya sake gina jimlar. Shi ya sa nake cewa aikin a cikin labarin yake.

To in haka ne, me ya sa ba za a cire jerin gaba ɗaya ba? Akwai abokan aikina da ke ganin haka, suna cewa yana katse karatu, yana hana yaro koyon cankar ma'ana daga yanayin magana. Ban yarda da su ba. Canka takan yi kuskure, kuma mai karatu shi kaɗai a ɗaki da dare ba shi da wanda zai tambaya. Wata ɗalibata ta taɓa ɗauka la'ada haraji ce ta gwamnati, kuma fahimtarta ta zauna daidai a jimloli biyu na farko, sai a ta uku ta rikice. "Malam, to me ya sa dillalin yake sa harajin a aljihunsa?" Da ta duba baya ta warware da kanta. Amfanin jerin ke nan: wurin tabbatarwa ne ga wanda ya riga ya yi zato, da wurin bita bayan an gama. Ya kamata labarin ya karantu ko an yage shafin ƙarshe, amma a bar shafin.

Rubuta jerin kansa a Hausa yana da tarkuna da masu kwaikwayon littattafan Turanci ba sa gani. Na farko jam'i ne. Yaro ya ga "awaki" a labari, ya je baya ya tarar an sa "akuya", ba lallai ya haɗa su ba. Haka birni da birane, ɗa da 'ya'ya, sarki da sarakuna. Don haka a rubuta kalmar da siffar da ta fito a labarin, sannan a ba da ɗayar siffar a gefe. Na biyu aikatau ne. Saya, sayi, sayo, saye, sayar, duk tushe ɗaya ne, amma mai koyo da ya san "saya" ba dole ne ya san "sayar" tana juya cinikin ba. Idan irin wannan siffa ce sabuwa a labarin, a ƙirga ta cikin takwas ɗin nan, kada a ce ai ya san tushen. Na uku shi ne rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka kuka na hawaye da kuka ta miya, haka wuya ta wahala da wuya na jiki. Ba na cewa a cika labari da alamomi, amma duk kalmar da ta shiga jeri ta zo da jimlar misali, kuma a guji haɗa tagwayen nan a shafi ɗaya.

Ga yadda nake rubuta shigarwa guda:

la'ada (ita): kuɗin da dillali yake samu idan ya haɗa mai kaya da mai saye. Dillali ya karɓi la'adarsa a kan kowane buhu.

"Ita" ɗin nan da na sa ba ado ba ne. Kowa ya san a Hausar da ake yi a yankinmu, musamman a bakin waɗanda ba harshen gidansu ba ne, bambancin namiji da mace a kalmomi ya yi rauni. Za ka ji "riga na" da "mota ya zo", ba wanda zai ɗaga kai. A magana ba ni da ja da wannan, harshen wuri ne. Amma jarrabawa da jarida da littafi da daidaitacciyar Hausa suke, kuma ba a koyon jinsin kalma da dogon bayanin nahawu kamar yadda ake koyonsa da gani a kai a kai. In yaro ya ga "la'adarsa" da "motar ta tsaya" sau da yawa a cikin labarin da ya ja hankalinsa, abin yana shiga ba tare da an yi masa wa'azi ba.

Dubi kuma kalmomin da na yi bayanin da su: kuɗi, dillali, kaya, saye. Duk sun fi la'ada sauƙi, kuma duk suna cikin labarin. Na ga jerin da aka fassara zullumi da "fargaba", aka fassara sammako da "asubanci". An fitar da yaro daga rami an jefa shi a wani. Wanda ya kwafo ma'ana kai tsaye daga ƙamus shi ke faɗawa nan, domin ƙamus, ko na Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, yana ƙoƙarin tattaro duk ma'anonin kalma ne, jerin ƙarshen labari kuwa ma'ana ɗaya yake bukata, wadda aka yi amfani da ita a shafin.

Sai tambayar da aka fi yi mini: da wane harshe za a yi bayanin? Wasu sun fi son Turanci, wai ya fi gajarta. Ga ɗan bautar ƙasa da aka turo daga kudu, wannan daidai ne. Amma yaran da nake magana a kansu Hausarsu ta fi Turancinsu nesa ba kusa ba, ba ka yi musu komai ba in ka bayyana abin da ba su sani ba da abin da suka fi rashin sani. Wasu kuma sun ce a yi da harshen gida. Ra'ayi ne mai kyau, sai dai a aji ɗaya ina da harsuna biyar ko shida, ba zan buga kowa nasa ba, ni ma ban iya su ba. Abin da nake yi shi ne bayani da Hausa mai sauƙi, sannan a bar ɗan layi fili a gaban kowace kalma, a ce wa mai karatu ya rubuta yadda ake faɗinta a gidansu. Sukan tafi da takardar gida su tambayi iyaye, washegari a yi ta musu tsakanin 'yan gari ɗaya kan wace kalma ce daidai. A lokacin musun nan kalmar Hausar take zama daram.

Game da tsari, in kalmomin takwas ne ko goma, a jera su yadda suka biyo juna a labarin, a kuma sa su da baƙi mai kauri a wurin da suka fara fitowa, don mai karatu ya san akwai taimako a baya in yana so. Jerin abajada sai littafi ya yi kauri.

Akwai masu cewa duk wannan tsarma Hausa ne da ruwa, za a tashi yara ba su san karin magana ba, ba su san zaƙin harshe ba. Na fahimci tsoronsu, don ni ma da zaƙin nan na tashi. Amma yaron da ya rufe littafi a shafin farko wane karin magana ya koya? Ba a jefar da alfijir da sammako ba, an ajiye su ne zuwa labari na biyar ko na goma, inda za su shigo ɗaya bayan ɗaya, kowace da wurin zamanta. Karin magana ma nakan sa guda a labari, a bakin wani dattijo, a daidai lokacin da abin da ya faru ya riga ya bayyana ma'anarsa, sannan in ƙirga shi cikin baƙin kalmomi, in sa shi a jeri da cikakkiyar siffarsa.

Wasu kuma sukan ce ai muna da tatsuniyoyi, su ne labarai masu sauƙi. Sauƙin zubi daban, sauƙin kalmomi daban. Tatsuniya cike take da kayan gidan da da sunayen dabbobin dawa da yaron Jekadafari bai taɓa gani ba, ga waƙoƙi masu tsofaffin kalmomin da ko babba sai ya tsaya. Saurayi ɗan shekara goma sha biyar da magidanci a ajin yamma kuwa ba Gizo suke nema ba. A ba su labarin ɗan acaɓa da fasinja ya bar jaka a babur ɗinsa, ko yarinyar da aka aika Dadin Kowa sayen kifi kuɗin ya ɓace a hanya, ko rigimar iyakar gona tsakanin wa da ƙane. In mai karatu ya san duniyar labarin, rabin aikin fahimta ya riga ya ƙare, ƙarfinsa sai ya tafi kan kalmomin.

Ta yaya marubuci zai san ya dace? Ba da jin kansa ba, domin wanda ya ƙoshi da harshe ba ya ganin wuyar kalma. Mu ba mu da wani jerin kalmomin Hausa na matakai da kowane malami yake riƙe da shi a hannu, saboda haka masu karatun su ne ma'auni. A samu mutum biyar daga cikin waɗanda aka rubuta dominsu, ba gwanayen aji ba, na tsakiya. A ba su labarin ba tare da shafin ƙarshe ba, da fensir, a ce su ja layi a ƙarƙashin duk abin da ya tsayar da su. Kalmar da uku cikin biyar suka ja wa layi, ko dai ta shiga jeri ko ta fita daga labarin, kuma in jerin ya riga ya cika, fita za ta yi. Bayan sun gama a karɓe takardar a ce su ba da labarin da baki. In sun kawo wanda ya yi, da abin da ya yi, da dalilinsa, labarin ya tsaya da ƙafarsa. In sun kawo farko da ƙarshe suka rasa dalili, to akwai jimla irin ta "ya sayar masa" a ɓoye a tsakiya, a koma a neme ta. Akwai kuma alamar da ba ta bukatar fensir: ka kalli hannun mai karatu. In yatsansa ɗaya yana maƙale a shafin ƙarshe yana kai da komo, labarin ya fi ƙarfinsa.

Bugawa ba ta kai yadda ake tsoro ba. Farar takardar fotokofi huɗu in an ninka su biyu sun ba da ɗan littafi mai shafi goma sha shida, ya ishi labari biyu da manyan baƙaƙe da jerinsu. Abin da za a tsaya a kai da mai buga takardu shi ne baƙaƙe masu lanƙwasa. Sau da yawa na'urar shago takan mai da ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. Bahaushe zai karanta "baki sun zo" ya gane baƙi ake nufi, ya ga "kafa" ya san ko ƙafa ce. Mai koyo ba shi da wannan gatan, kuma abin da ya gani shi zai haddace. A duba shafin gwaji kafin a buga sauran, a tsaya a kansa ko mai shagon ya ƙosa.

Masu iya wannan aiki suna nan. Muna da sassan Hausa a kwalejojin ilimi, irin ta Azare da ta Kangere, kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundin kammala karatu da ba mai sake buɗe shi. Da za a yarda wasu daga cikinsu su gabatar da gajerun labarai uku masu kalmomi 600, kowane da jerinsa, da takardun gwajin da masu karatu biyar suka ja wa layi, da bayanin abin da aka canza bayan gwajin, da an auna gwanintar ɗalibin malanta fiye da yadda kundin yake aunawa. Marubutanmu na Gombe da Bauchi da ke zuba dogayen labarai a waya su ma za su iya, in sun yarda su ajiye kalmomin da suka fi so na ɗan lokaci. Abin da hukumomin ilimin bai ɗaya na jihohin biyu za su ƙara shi ne su tattara waɗanda suka ci gwaji, su jera su mataki uku bisa tsawo da yawan baƙin kalmomi, su rubuta matakin a bango, don malamin da ke Nafada ko Bogoro ya san wanda zai fara miƙa wa ɗalibinsa da wanda zai biyo baya.